Yadda ake rubuta saƙon tsarin gobe tun daren yau

Idan gobe kana da alkawari ƙarfe 2:30 na rana, zuciya za ta ce maka safiya gaba ɗaya taka ce, har da wani abu na rana. Lissafi kuwa yakan ce ba haka ba. Kafin 2:30 ɗin nan akwai salla, akwai cin abinci, akwai hanya, kuma kowannensu yana cin mintocin da ba kasafai ake rubuta su ba. Aikin saƙon dare shi ne ya fito da waɗannan mintocin fili tun kafin gari ya waye, ya ba kowanne gurbinsa, sannan ya nuna abin da za a yi idan wani gurbin ya zarce iyakarsa.

Za mu bi misali guda daga farko har ƙarshe. Wani ma'aikaci ne zai kai mahaifiyarsa ganin likita gobe ƙarfe 2:30. Da safe yana da rahoton da zai rubuta a wurin aiki. Yayarsa tana zaune tare da mahaifiyar, ita ce za ta shirya ta, don haka ita za a tura wa saƙon. Lokutan da za ka gani a nan na misali ne kawai, naka za ka saka a madadinsu.

Fara da turaku

Kafin ka rubuta aiki ko ɗaya, kafa turakun ranar, wato abubuwan da ba kai ke da ikon matsar da su ba. Iri biyu ne: lokutan salla, da alkawuran da aka tsayar da wani. Duk sauran abubuwa a jikin waɗannan za a ɗaure su.

Lokutan salla a duba su a daren, kada a ɗauko su daga ka. Suna matsawa a hankali har mutum ba ya lura. Zawali kansa, wanda ake ganin kamar a tsaye yake, yana da tazarar kusan rabin awa tsakanin farkon Nuwamba, lokacin da ya fi saurin zuwa, da tsakiyar Fabrairu, lokacin da ya fi jinkiri. Asuba da Magariba sun fi haka motsi, kuma gwargwadon nisan wuri daga layin da ya raba duniya arewa da kudu gwargwadon girman motsin. Wanda ya haddace lokacin Magariba wata uku da suka wuce, ya gina tsarinsa a kai, zai iya samun kansa a kan titi ana kiran salla.

Akwai kuma bambancin da ke ɓata tsari da yawa: shigar lokaci daban, lokacin da masallaci ke tayar da salla daban. Manhajar waya shigar lokaci take nunawa. Masallacin da kake zuwa yana iya tayarwa bayan minti 15, yana iya kaiwa minti 45, musamman a Azahar. Saboda haka ka rubuta duka biyun a takardar lissafinka, daga baya ka zaɓi wanda zai shiga saƙon. A misalinmu, Asuba 5:20, Azahar tana shiga 12:45 amma masallaci yana tayarwa 1:30, La'asar 4:05, Magariba 6:40, Isha 7:55.

Alkawarin ma a bincike shi. An ce likita 2:30, amma takardar asibiti ta ce a iso minti 15 kafin lokaci don karɓar kati. To turken gaskiya 2:15 ne, ba 2:30 ba.

Lissafi daga baya zuwa gaba

A nan ne aikin yake, kuma a nan ya kamata ka ɓata yawancin mintocin da ka ware wa saƙon. Kada ka fara daga safiya kana jero ayyuka har ka iso alkawarin, domin ta haka duk abin da ya rage shi za a bar wa hanya, kuma ba ya isa. Fara daga turken ka riƙa komawa baya, kana tambayar kanka: kafin wannan, me dole ya faru, kuma minti nawa zai ci?

Ƙarfe 2:15 ana gaban teburin kati. Kafin nan sai an sami wurin ajiye mota, an fito da dattijuwa, an taka da ita a hankali. Minti 10 ke nan, don haka 2:05 a bakin ƙofar asibiti.

Sai hanya. Taswirar waya ta ce minti 30 daga gidan Mama zuwa asibiti. Wannan lambar tana da matsala biyu. Ta farko, idan da dare ka duba, titin dare ta auna maka, ba na tsakar rana ba. A Google Maps akwai wurin saka lokacin tashi ko lokacin isa, ka saka na gobe, zai ba ka ƙiyasi mai ƙarami da babba, ka ɗauki babban. Ta biyu, taswira tana ƙirga daga tashin mota zuwa tsayuwarta ne kawai, ba ruwanta da neman makulli ko jiran abin hawa. Ƙa'idar da nake ganin ta fi sauƙin riƙewa ita ce a ƙara rabin abin da taswira ta ce, kuma kada ƙarin ya gaza minti 10 komai gajartar hanyar. Minti 30 ya zama 45. Wanda zai hau motar haya ya ƙara lokacin jira a kai, wanda zai taka da ƙafa ya ƙirga kamar minti 12 a kowace kilomita. To mota za ta bar gidan Mama 1:20.

Kafin mota ta tashi akwai fitowa: takalmi, jaka, tsofaffin takardun asibiti, kewayawa ta ƙarshe, shiga mota. A ba shi minti 10. Fitowa ta fara 1:10.

Yanzu ga karo ya bayyana. Masallaci zai tayar da Azahar 1:30, a lokacin kuwa ana kan hanya. Da ba a yi lissafin ba, sai gobe da rana za a gane, ana tsaye bakin mota ana gardamar a yi salla a nan ko a bari sai can. Mafita biyu ce. Ko a yi salla a gida da zarar lokaci ya shiga, daga 12:50 zuwa 1:10, ko a tashi da wuri a iso asibiti 1:25 a bi jam'i a masallacin da ke kusa, wanda ke nufin a janyo komai baya da minti 40, dattijuwa kuma ta yi zaman jira mai tsawo. Mutumin namu ya zaɓi ta farko. Wani zai zaɓi ta biyu, kuma ba laifi. Abin da ba a so shi ne a bar zaɓin sai gobe.

Me ya sa minti 20 ga sallar da raka'o'inta ba sa cin minti 10? Saboda gurbin salla ya haɗa da kewayawa, alwala, jiran wanda ke gabanka a wurin alwalar, sallar kanta, da zikirin bayanta. A gida ko a wurin aiki minti 20 yana isa. Idan masallaci za a je, a ƙara tafiya da dawowa da jiran liman, yawanci ya kama minti 30 zuwa 35. Ranar Juma'a kuwa a ware mata abin da bai gaza awa ɗaya da rabi ba, kuma kada a ɗora alkawari a bayanta kai tsaye, domin fita daga cunkoson jama'a ma aiki ne.

Kafin salla, abinci. Minti 30, daga 12:20 zuwa 12:50, kuma wannan idan an riga an dafa ne. Abinci shi ne abin da aka fi zalunta a tsarin rana, ana ɗaukarsa kamar abin da za a cusa a duk inda aka sami kafa. A rana irin wannan, idan ba a ci kafin fita ba, ba za a ci ba sai bayan biyar, ga dattijuwa mai shan magani kuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya sa saƙon zai faɗi wanda zai tanadi abincin da lokacin da zai kasance a shirye. Idan likita ya ce a zo ba a ci komai ba saboda gwaji, shi ma a rubuta, don kada mai kyakkyawar niyya ya ɓata gwajin.

A ci gaba da komawa baya. Isowa gidan Mama 12:15, da minti 5 na gaisuwa. Hanya daga wurin aiki minti 25 ce a taswira, da ƙarin rabi ta zama kusan 40, don haka tashi 11:35. Rufe kwamfuta, tattara kaya, da amsa wanda zai tare ka a bakin ƙofa da "minti ɗaya kawai", minti 10. Aiki ya tsaya 11:25.

Ka ga abin da ya fito. Alkawarin 2:30 ya cinye ranar tun daga 11:25. Mutumin da ya kwanta yana tunanin yana da safiya har ƙarfe ɗaya, ashe abin da yake da shi bai kai awa uku ba idan ya fara 8:30. Gara ya san haka yau da dare, ya rage abin da ya yi niyyar gamawa, ko ya sanar da mai jiran rahoton.

Cike guraben aiki

Abin da ya rage tsakanin turaku shi ne na aiki, kuma a nan ma zuciya tana yin ƙarya. Masana halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da Amos Tversky sun bayyana wannan ɗabi'a tun 1979: mutum yakan rage lokacin da aikinsa zai ci ko da ya sha ganin irinsa ya zarce. A wani bincike na 1994, Roger Buehler da abokan aikinsa sun tambayi ɗaliban jami'a yaushe za su gama kundinsu. Matsakaicin ƙiyasinsu kusan kwana 34 ne, aikin kuwa ya ci kwana 55 da ɗoriya. Maganin da ya fi aiki shi ne ka daina tambayar kanka nawa zai ci, ka tambayi nawa irinsa ya ci a karon baya.

Kowane gurbi aiki ɗaya, da sunan abin da za a gani idan an gama. "Aikin ofis" ba suna ba ne. "Rubuta kashi na biyu na rahoto" suna ne. Daga 8:30 zuwa 11:25 mutumin namu ya yi gurbi biyu: 8:30 zuwa 10:00 rubutu, 10:15 zuwa 11:25 gyara da turawa. Minti 15 da ke tsakani rara ce.

Rarar nan a rubuta ta a layinta, da sunanta. Idan ka bar ta a ɓoye cikin gurbin aiki, aikin zai haɗiye ta ba ka sani ba. Idan ka bar wurin fili ba rubutu, kai ko wani zai ga sarari ya saka sabon abu. Amma ta hanya ita kam a haɗe take da hanyar, domin abin da ake bukatar gani shi ne lokacin tashi. Kada ka rubuta "minti 30 da rarar 15", mai karantawa zai cire sha biyar ɗin da kansa ya ce ai akwai sauran lokaci.

Abin da ba a san tsawonsa ba

Ganin likita ba shi da ƙarshen da za ka iya tsayarwa. Irin wannan gurbin a ba shi faɗi, a kuma hana duk wani abu mai muhimmanci zama a bayansa. Mutumin namu ya ba shi daga 2:30 har La'asar. In an fito da wuri, riba ce. Bayan salla sai karɓar magani zuwa 4:50, hanya zuwa 5:35, sannan minti 15 na shigar da Mama gida. Idan ya tashi 5:50, hanyar gidansa kuma minti 40 ce har da rara, zai isa 6:30, saura minti 10 Magariba.

Wannan ya matse, kuma Magariba ba ta da yalwar da za a yi wasa da ita. A nan ake saka layin da na fi ba muhimmanci a saƙon gaba ɗaya, layin "idan". Idan 5:50 ta yi ba a tashi ba, a zauna a yi Magariba a gidan Mama. An yanke shawarar tun da dare, da kai a sanyaye, gobe sai bi kawai. Irin wannan layi biyu ko uku sun isa, a wuraren da ka san igiya za ta iya tsinkewa. A kuma faɗi abin da za a sadaukar idan rana ta rikice, domin in ba a zaɓa ba, abinci ne zai tafi ko salla ta yi jinkiri.

Saƙon kansa

Duk lissafin da ya gabata a takarda yake zama. Abin da za a tura gajere ne, wanda zai shiga fuskar waya ba tare da an yi ta ja ba:

Yaya, barka da dare. Ga tsarin gobe Laraba. Babban abu: mu bar gida da Mama 1:20.

SAFE
5:20 Asuba
7:40 tashi zuwa aiki
8:30–10:00 rubuta kashi na biyu na rahoto
10:00–10:15 rara
10:15–11:25 gyara da turawa
11:35 tashi zuwa wurinku

RANA
12:15 isowa
12:20–12:50 abinci (Yaya, don Allah ya zama a shirye 12:15)
12:50–1:10 Azahar a gida
1:10 fitowa, da kati da tsofaffin takardu
1:20 TASHI
2:15 teburin kati
2:30–4:05 likita

YAMMA
4:05–4:25 La'asar a can
4:25–4:50 karɓar magani
5:35 dawowa gida
5:50 ni zan wuce
6:40 Magariba

Idan 11:45 ta yi ban taso ba, ku ci abinci kada ku jira ni.
Idan 5:50 ta yi muna tare, sai na yi Magariba zan tafi.
In akwai abin da bai yi ba, ki faɗa mini kafin 10 na daren nan. Allah ya kai mu.

Duba yadda aka gina shi. Sunan ranar yana sama, domin wanda ya buɗe saƙon bayan sha biyun dare zai iya rikicewa da kalmar "gobe". Babban abu guda yana layin farko, saboda wanda bai karanta sauran ba ya kama shi. An raba safe da rana da yamma, don haka ba sai an riƙa maimaita "na safe" da "na yamma" ba, kuma 5:20 ba za ta rikice da 5:35 ba. Duk inda ake bukatar wani ya yi abu, an kira shi a layin. Lokacin tashi aka fi fitarwa, ba na isa ba, domin tashi ne ke hannun mutum. A WhatsApp, idan ka saka kalma tsakanin taurari biyu kamar `*1:20 TASHI*`, za ta fito da kauri. Ka yi wa layi ɗaya ko biyu kawai, in ka yi wa duka babu wanda zai fito.

Ana iya cewa Yaya ba ta bukatar sanin abin da ƙanenta zai yi ƙarfe 8:30. Gaskiya ne, kuma idan saƙon ya yi tsawo, guraben da ba su shafi mai karɓa ba su za a fara cirewa. A nan an bar su ne don ta san lokacin da kiran waya zai katse masa aiki.

Yaushe za a tura

Bayan Isha, kafin mutane su kwanta. Idan ya wuce haka, mai karɓa ba shi da damar cewa wani abu bai yi ba, sai da safe a fara sabon ciniki. Shi ya sa aka saka wa'adin amsa a ƙarshe. Shiru ba amincewa ba ne idan ba a buɗe saƙon ba, don haka in lokacin ya yi babu amsa kuma akwai abin da ya rataya a kan mutumin, kira shi. WhatsApp yana barin a gyara saƙo cikin minti 15 da turawa. Bayan nan, idan wani abu ya canza, tura cikakken sabon tsari ka rubuta "wannan ya maye na farko". Gyara guntu-guntu a saƙonni huɗu shi ke sa wani ya bi tsohon lokaci.

Idan kai kaɗai ne a tsarin, tura wa kanka. WhatsApp da Telegram duka suna da wurin yin haka, kuma za ka iya maƙale saƙon a sama don kada ya nutse. Rubutun yana da wani amfani na gefe: a wani gwaji da Michael Scullin ya jagoranta a Jami'ar Baylor, wanda aka wallafa a 2018, waɗanda suka ɗauki minti 5 suna rubuta ayyukan da ke gabansu kafin kwanciya sun riga waɗanda suka rubuta abin da suka riga suka gama yin barci, da kusan minti 9. Mutum 57 ne kawai a gwajin, don haka kada a ɗora masa kaya da yawa.

Saƙo ba ya yin ƙara, saboda haka ka saka ƙararrawa a waya, amma a kan lokutan tsayawa da tashi kaɗai: 11:25, 1:10, 5:50. Wayar da ke kuka a kowane gurbi, kafin Azahar an daina jin ta.

Yadda za ka gane tsarin ya karkace

Kafin ka tura, karanta daga sama zuwa ƙasa kana neman abu uku. Shin akwai wurin da aiki ya ƙare a wani wuri, na gaba ya fara a wani wurin a minti guda, babu layin hanya a tsakani? Shin akwai awa uku a jere babu rara, babu salla, babu abinci? Shin akwai sallar da ta faɗo a tsakiyar tafiya ba a faɗi inda za a tsaya ba? Ko ɗaya daga ciki ya isa ya rushe rabin rana.

Gobe da dare, kafin ka rubuta na jibi, buɗe na jiya ka rubuta lokacin da abubuwa suka faru a zahiri a gefen waɗanda ka tsara. Layukan tashi da isa kawai sun wadatar. Idan kullum a hanya ake makara, ƙarin rabi bai ishi wannan hanyar ba, ka mai da minti 30 ɗin awa guda. Idan a kan lokaci ake isa amma tashin ne ke jinkiri, matsalar a fitowa take, minti 10 ya koma 20. Idan kuma kullum kana isa da rarar rabin awa kana zaman jira, ka rage, ka mayar wa gurbin aikin safe mintocinsa.